Darasin Kimiyya: Waƙar Sakan Ashirin, Yadda Ake Tsara Waƙar Rediyo ta Wanke Hannu

Manufar darasi

Ɗalibai, yau za mu koyi abu uku. Za mu ga hanyar da ƙwayar cuta ke bi daga bayan gida har ta kai bakin yaro. Za mu gane abin da sabulu ke yi wanda ruwa kaɗai ba ya iyawa. Daga nan mu tsara gajeriyar waƙa irin wadda ake sakawa a rediyo tsakanin shirye-shirye, wadda uwa da ɗanta a Nima ko Maamobi ko Accra New Town za su haddace a yini ɗaya. Abin da nake so ku riƙe tun daga farko shi ne, irin wannan waƙa kayan awo ce. Tsawonta yana auna lokacin cuɗa hannu, baitocinta suna nuna wuraren da za a cuɗa, amshinta kuma yana tuna wa mutum sabulu. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, waƙar za ta yi daɗin ji amma ba za ta kare kowa ba.

Kayan aiki: buta da ruwa, sabulu kowane iri, man gyaɗa cokali uku, garin gawayi, farin ƙyalle, kwalba mai murfi, da agogon waya.

Mataki na ɗaya: hanyar da cuta ke bi

Yawancin cututtukan gudawa, da kwalara, da taifot, da atuni, hanya ɗaya suke bi: daga kashin mutum zuwa bakin wani. Masana kiwon lafiya sun ƙiyasta cewa giram ɗaya na kashi, wato abin da bai cika kan ƙaramin cokali ba, yana iya ɗauke da ƙwayoyin bairus miliyan 10, da bakteriya miliyan 1, da ƙwan tsutsar ciki 100. Ɗan abin da ya maƙale a ƙarƙashin farce, wanda ido ba ya gani hanci ba ya ji, ya isa ya kwantar da yaro.

Ku duba yadda rayuwa take a unguwanninmu. Gidan haya ɗaya yana iya ɗaukar iyalai da yawa, tsakar gida ɗaya, wani lokaci ba makewayi a gidan sam, sai na haya da ke bakin hanya. Mutum ya shiga, ya yi tsarki da buta, ya fito ya taɓa ƙofa, ya karɓi canji, ya gaisa da maƙwabci, ya tsaya wurin mai koko da ƙosai. Uwa ta wanke wa jaririnta kashi, ta ɗauraye hannu da ruwa, ta koma ta ci gaba da dama fura. Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu, kowa ya yi abin da ya saba. Amma ƙwayar cuta ta riga ta tashi daga hannu zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa wani hannu, daga nan zuwa loma.

Accra ta ga ƙarshen wannan hanya a shekarar 2014, lokacin da kwalara ta kama kusan mutum 29,000 a Ghana, ta kashe sama da 240, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a yankin Greater Accra suke. Cutar ta fi ƙarfi a unguwannin da jama'a suka cunkushe kuma ruwa da makewayi suka yi ƙaranci. Kuda da gurɓataccen ruwa da abinci marar rufi duk suna da nasu laifin, amma hannu shi ne hanyar da kowane gida zai iya toshewa yau, ba sai an jira gwamnati ta gyara babban kwatamin Nima ba.

Mataki na biyu: me ya sa ruwa kaɗai bai isa ba

Mutanen Zango ba baƙin ruwa ba ne. Musulmi yana alwala kafin salla, yana tsarki bayan biyan buƙata, yana wanke hannu kafin ya sa a kwano. Saboda haka waƙar da za ta ce wa mutumin Nima «wanke hannunka» ba ta faɗa masa sabon abu ba. Zai ce ai na wanke. Abin da ya rage a faɗa masa shi ne sabulu.

Ga dalilin. Fatar mutum tana fitar da wani siririn maiƙo a kowane lokaci, ga man shafawa, ga man miya. Ƙwayoyin cuta suna manne a cikin wannan maiƙo da cikin ƙananan tsagogin fata. Ruwa kuwa ba ya gauraya da mai, sai dai ya bi ta kansa ya wuce. Kowace ƙwayar sabulu tana da ɓangare biyu: ɗaya yana kama ruwa, ɗaya yana kama mai. Aikinta irin na dillali ne a kasuwa, wanda ya riƙe mai saye da hannun dama, ya riƙe mai sayarwa da hagu, har ciniki ya faɗa. Idan ana cuɗa hannu, ƙwayoyin sabulu suna kewaye maiƙon, su farfasa shi ƙanana, su ɗaga shi daga fata tare da duk abin da ke cikinsa. Ruwan ɗauraya sai ya kwashe duka.

Ku lura da kyau: babban aikin sabulu shi ne ciro ƙwayoyin cuta daga fata domin ruwa ya tafi da su. Gaskiya ne yana tarwatsa wasu ƙwayoyin bairus masu rigar maiƙo, kamar na mura da na korona, amma da yawa daga masu kawo gudawa ba ya kashe su, ɗauke su yake yi. Wannan ya sa ɗauraya take da muhimmanci kamar cuɗawa.

An auna wannan bambanci. A wani gwaji da aka yi a birnin Landan, aka buga sakamakonsa a 2011, an sa masu sa kai su taɓa hannun ƙofofi da ƙarafan dafawa a wuraren jama'a, sannan aka duba hannuwansu. Idan ba a wanke ba, an sami bakteriya irin ta kashi a kashi 44 cikin 100 na samfuran. Da aka wanke da ruwa kaɗai, ta sauko zuwa kashi 23. Da aka sa sabulu, ta koma kashi 8. Ruwa ya rage kusan rabi, sabulu kuma ya rage abin da ruwa ya bari zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wane sabulu? Kowane. A Karachi ta Pakistan an raba wa gidaje sabulu, ana bibiyarsu mako-mako har shekara guda, aka buga sakamakon a 2005. Gudawa ta ragu da kusan rabi a tsakanin yaran gidajen da ke wanke hannu da sabulu, ciwon huhu ma haka ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Kuma ba a ga bambanci ba tsakanin sabulu mai maganin kashe ƙwayoyin cuta da sabulu na kullum. Idan aka haɗa bincike da yawa na ƙasashe daban-daban, raguwar gudawa takan tsaya kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka sabulun salo da ake sayarwa a kasuwar Nima, da sandar sabulun wanki, da garin omo da aka dama a ruwa, duk sun wadatar. Zafin ruwa ma ba sharaɗi ba ne, ruwan sanyi yana aikin.

Gwaji na ɗaya

A zuba ruwa rabin kwalba, a ƙara man gyaɗa cokali ɗaya, a rufe a girgiza. Bayan ɗan lokaci man zai taso sama ya ware. A sa ɗan ruwan sabulu a sake girgizawa. Yanzu ruwan zai yi fari-fari, man ya bazu a ciki, ba zai yi saurin warewa ba.

Sai ɗalibai uku su fito. Kowa ya shafa ɗan man gyaɗa a hannu, ya barbaɗa garin gawayi, ya murza har bayan hannu da tsakanin yatsu. Gawayin yana matsayin ƙwayoyin cuta. Na farko ya wanke da ruwa kaɗai. Na biyu ya sa sabulu ya cuɗa sakan 5. Na uku ya sa sabulu ya cuɗa sakan 20. Kowa ya goge a nasa gefen farin ƙyallen. Ku duba ƙyallen, sannan ku duba hannun na biyu sosai. Tafinsa zai yi haske, amma za ku tarar da baƙi a gindin babban yatsa, da tsakanin yatsu, da kewayen farce. Ku rubuta waɗannan wurare a littafinku, domin su ne baitocin waƙarmu.

Mataki na uku: abin da Ghana ta koya a 2003

Kafin mu rubuta waƙa, mu ɗauki darasi daga waɗanda suka riga mu. A shekarar 2003 Ghana ta ƙaddamar da gangamin wanke hannu da sabulu na ƙasa baki ɗaya, ƙarƙashin hukumar ruwa da tsaftar karkara ta CWSA, tare da kamfanonin sabulu da masana daga makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, cikinsu har da Dokta Val Curtis. Kafin a fara, an zauna a gidaje ana kallon abin da iyaye mata ke yi da ido. Aka tarar sabulu yana nan a kusan kowane gida, ana wanka da wanki da shi, amma waɗanda ke wanke hannu da shi bayan fitowa daga makewayi ba su wuce kashi 4 cikin 100 ba. Mutane sukan nemi sabulu ne idan sun ji hannu yana danƙo, misali bayan cin abinci mai mai. Hannun da ya fito daga makewayi kuwa, tunda ba a ganin komai a kansa, ana ɗaukarsa mai tsabta.

Masu gangamin ba su cika kunnen jama'a da sunayen cututtuka ba. Tallar talabijin ɗinsu ta nuna uwa ta fito daga makewayi da wani tabo mai launi a hannu, tabon yana bin duk abin da ta taɓa har abincin ɗanta. Da aka sake tambayar mutane daga baya, masu cewa suna sa sabulu bayan makewayi sun ƙaru da kashi 13 cikin 100, masu cewa suna sawa kafin cin abinci kuma da kashi 41.

Mu ɗauki abu biyu daga nan. Na farko, matsalar ba ta rashin sabulu ba ce, ta rashin haɗa sabulu da lokacin da ya dace ce, don haka dole waƙarmu ta ambaci lokutan da sunansu. Na biyu, alƙaluman ƙaruwar nan daga bakin mutane aka ji su, kuma abin da mutum ya ce yana yi yakan fi abin da yake yi. Za mu dawo kan wannan wurin auna nasarar waƙa.

Mataki na huɗu: lissafin lokaci

Hukumomin lafiya sun tsaya a kan cewa cuɗawa da kumfa ta kai aƙalla sakan 20. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba dukan aikin, daga jiƙawa zuwa busarwa, sakan 40 zuwa 60. Yawancin mutane in ba a auna musu ba, ba sa kaiwa rabin haka, domin sakan 20 yana da tsawo ga wanda tuwo ke jiransa. Babu kuma mai duba agogo da kumfa a hannu. A nan waƙa take shigowa.

Ga yadda ake lissafin. A ɗauki bugun ganga biyu a kowane sakan, wato bugu 120 a minti. Kowane layin waƙa ya ci bugu huɗu, wato sakan 2. Layi goma ke nan zai ba da sakan 20. Tunda waƙoƙinmu na dandali da na makarantar allo jagora da amshi ne, sai mu raba: layi biyar na jagora, kowanne ya kira wuri ɗaya a hannu, da amshi biyar. Kowane wuri ya sami sakan 4. Kada layi ya wuce gaɓa bakwai ko takwas, domin in ya wuce haka, yaro ɗan shekara huɗu zai haɗiye rabin kalmomin.

Mataki na biyar: waƙar

Kashi na farko, kiran lokaci. Jagora ya kira, kowa ya amsa da kalma ɗaya:

In ka fito bayan gida? Sabulu!
Kin wanke kashin jariri? Sabulu!
Mma za ta ɗora girki? Sabulu!
Baba zai sa loma? Sabulu!
Za a ba ƙanina koko? Sabulu!

Kashi na biyu, jiƙawa:

Ina buta da sabulu?
Ga buta nan, ga sabulu!
Jiƙa hannu, shafa sosai,
Kumfa ta tashi, mu fara!

Kashi na uku, cuɗawa:

Tafi da tafi, mu murza,
Cuɗa-cuɗa da sabulu!
Bayan hannu, mu shafa,
Cuɗa-cuɗa da sabulu!
Tsakanin yatsu, mu ratsa,
Cuɗa-cuɗa da sabulu!
Babban yatsa, mu juya,
Cuɗa-cuɗa da sabulu!
Ƙarƙashin farce, mu sosa,
Cuɗa-cuɗa da sabulu!

Kashi na huɗu, ɗauraya:

Zuba ruwa daga sama,
Kumfa ta tafi da cuta!
Kaɗa hannu a iska,
Sannan mu hau tabarma!

Mu duba lissafin. Kashi na farko layi biyar ne masu ɗan tsawo, kowanne da amsarsa bugu shida, wato sakan 3, jimla 15. Na biyu sakan 8, na uku 20, na huɗu 8. Duka sakan 51. Gurbin talla na minti ɗaya zai ɗauke ta, har a sami sakan 9 da mai shela zai ce wani abu a ƙarshe. A wurin wanke hannu kuwa kashi na biyu zuwa na huɗu kaɗai ake rerawa, sakan 36, in aka haɗa da lokacin bushewa an shiga cikin ƙa'idar sakan 40 zuwa 60.

Yanzu mu bi baitocin mu ga dalilin kowanne. Lokutan biyar na kashi na farko iri biyu ne: biyu bayan taɓa kashi, uku kafin taɓa abinci. Na sa kashin jariri a fili da gangan, domin mutane da yawa suna ganin ba shi da illa, alhali yaro mai gudawa yana fitar da ƙwayoyin cuta masu yawan gaske. An ambaci Mma, an ambaci Baba, an ambaci ƙane, domin kada a ɗora nauyin duka a kan uwa. Kwano ɗaya ake ci, hannu ɗaya marar tsabta ya isa ya ɓata na kowa.

A kashi na uku, kowane layi yana da suna da aiki: wurin da za a taɓa da motsin da za a yi. «Mu ratsa» na nufin a saƙa yatsun hannu ɗaya cikin na ɗayan. «Mu juya» na nufin a kama babban yatsa da ɗayan hannun a murɗa. «Mu sosa» na nufin a goga kan yatsu da farce a tsakiyar tafin ɗaya hannun. A layuka na bayan hannu da babban yatsa da farce, ana yin hannun dama lokacin da jagora ke kira, a yi hagu lokacin amshi, ta haka ba a manta da hannu ɗaya. An jera wuraren daga babba zuwa ƙarami, daga tafi zuwa farce, don hannu da kansa ya riƙa tuna wa baki abin da ke biye. Dukan layukan jagora a nan sun ƙare da sauti ɗaya, wanda ke sauƙaƙa hadda. Kalmar sabulu kuwa ta fito sau goma sha biyu a waƙar, saboda ita ce saƙon.

«Zuba ruwa daga sama» shi ne layin da ya fi kowane gyara al'ada. A gidaje da wuraren sayar da abinci da yawa, roba ɗaya ake ajiyewa kowa ya tsoma hannu. Na farko ya bar dattinsa a ciki, na biyar ya kwashi na mutum huɗu. Dole ruwan ya zubo daga sama ya wuce, kada ya dawo kan hannu. Buta tana yin wannan in wani ya zuba wa wani. Bokitin Veronica ma don haka aka yi shi: bokiti mai murfi da famfo a gindinsa, da roba a ƙasa mai tarar ruwan datti. Wata masaniyar kimiyyar halittu 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ita ta ƙirƙiro shi a shekarun 1990, bayan ta ga yadda ake tsoma hannu cikin roba ɗaya a ɗakunan gwaje-gwajen lafiya inda babu ruwan famfo. A lokacin korona, a 2020, ya bazu a ƙofar masallatai da shaguna da makarantu. «Kaɗa hannu a iska» kuma yana kawar da tsumma ɗaya da kowa ke gogewa da shi, wanda ke mayar da abin da aka wanke. In akwai tawul mai tsabta na mutum shi kaɗai, ya fi saurin busarwa.

Mataki na shida: abin da kan lalace, da yadda ake ganewa

Matsala ta farko ita ce gudu. Yaro in ya haddace waƙa yakan ƙara mata sauri, sakan 20 ya koma 12. Maganinsa shi ne a rera da mutum biyu, ɗaya yana zuba ruwa yana jagora, ɗaya yana cuɗawa yana amshi, domin amshi ba ya zuwa sai an kira. A ɗaukar rediyo kuma a sa kalangu ko ganga mai bugu tsayayye, kada mai kiɗa ya ƙara wuta a ƙarshe kamar yadda ake yi a wurin biki. A bar muryoyi sama da kiɗa, domin a cikin hayaniyar tsakar gida ko ta mota ake sauraro. Gidan rediyon GBC yana da shirye-shiryen Hausa tun da daɗewa, kuma yau waƙa irin wannan tana yawo ta waya da lasifikar unguwa. Mawaƙan Nima suna iya sauya kalma ta dace da bakin Zango, ko su ƙara kashi da Twi ko Ga domin maƙwabta, muddin layi goma na cuɗawa da bugunsu ba su ragu ba.

Matsala ta biyu ita ce ruwa. A unguwar da ake sayen ruwa a jarka mai ruwan ɗorawa, uwa za ta tambaya ko nawa wannan zai ci mata, kuma tambayar gaskiya ce. Mu lissafa. In aka ɗauki rabin lita a kowane wanki, daidai da leda ɗaya ta ruwan sha, gida mai mutum shida da kowa ke wankewa sau biyar a rana zai ci lita 15, bai kai jarka ɗaya ba. Ana iya rage wannan sosai in an dakatar da zuba ruwa lokacin cuɗawa, shi ya sa babu ambaton ruwa ko ɗaya a kashi na uku. Ruwan da aka tara a roba kuma ya tafi makewayi ko kwata, kada a wanke kwano da shi.

Matsala ta uku ita ce sabulu ya yi nisa. In yana cikin ɗaki a kwandon wanka, babu mai zuwa ɗauko shi, in kuma an bar shi a tsakar gidan haya yakan ɓace. Ga dabara da aka gwada a Bangladesh: a zuba garin omo giram 30 a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a girgiza, a huda murfin, a rataye kusa da inda ake wanke hannu. Yana da arha, ba ya narkewa a banza, ba kuma mai sha'awar ɗauke shi. A rubuta a jikin gorar, a kuma ɗaga ta inda ƙaramin yaro ba zai kai ya sha ba.

Sai iyakar abin da waƙa ke iyawa. Wanke hannu ba ya tsarkake gurɓataccen ruwan sha, ba ya maye gurbin makewayi, kuma ba ya isa shi kaɗai ga bairus ɗin rota mai kawo wa jarirai gudawa, wanda Ghana ta fara ba da rigakafinsa a 2012. Man tsaftace hannu mai sinadarin barasa kashi 60 cikin 100 ko fiye yana taimakawa a kan hanya, amma ba ya aiki sosai a hannu mai maiƙo ko datti, kuma akwai ƙwayoyin gudawa da ba ya iya musu. Idan kuma yaro ya riga ya kamu, sai a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, a dama kamar yadda aka rubuta a jikin ledar, tare da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14. In gudawar ta zama kamar ruwan wankin shinkafa, ko da jini, ko idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, a tafi asibitin Maamobi ko mafi kusa nan take.

Yaya za a san waƙar ta yi aiki? Jin yara suna rera ta a lungu yana nuna sun haddace, bai nuna sun wanke ba. Tambayar mutane ma, kamar yadda muka gani a gangamin 2003, takan ba da amsar da ta fi gaskiya kyau. Ma'auni mafi aminci shi ne ido: akwai ruwa da sabulu a wuri ɗaya kusa da makewayi da kusa da murhu? Sabulun yana da danshi? Yana raguwa daga mako zuwa mako?

Tambayoyi

Na ɗaya: bayyana da kalmominka dalilin da ya sa ruwa kaɗai ba ya cire maiƙo daga fata. Na biyu: in mai ganga ya kai bugu 150 a minti, sakan nawa layi goma masu bugu huɗu-huɗu za su ɗauka, kuma layi nawa za a ƙara don a kai sakan 20? Na uku: me ya sa na ƙarshe a layin tsoma hannu cikin roba ɗaya ya fi kowa shiga haɗari? Na huɗu: raba lokutan wanke hannu biyar zuwa gida biyu, ka faɗi abin da ya haɗa kowane gida.

Aikin gida

Kowa ya koya wa ƙane ko ƙanwa ɗaya waƙar, ya auna kashi na uku da agogon waya sau uku a ranaku daban-daban, ya rubuta sakan nawa ya ɗauka. Ya auna da ledar ruwa ko kofi yawan ruwan da wanki ɗaya ke ci a gidansu. Sannan ya haɗa gorar ruwan sabulu da izinin iyaye, ya ja layi da biro a daidai inda ruwan ya tsaya, ya sake ja bayan kwana bakwai. Ku zo da sakamakon mako mai zuwa. Za mu jera su a allo, mu ga gidan da waƙar ta yi gudu, da gidan da gorar ba ta ragu ba, mu nemi dalili, sannan mu gyara baitin da ke buƙatar gyara kafin ajinmu ya ɗauki muryarsa ya miƙa wa gidan rediyo kafin 15 ga Oktoba, Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda ake yi kowace shekara tun 2008.